A rubuta wakilci tun Baba yana gane kowa

A Arewa mun iya zaman dangi bayan rasuwa. Da an yi sadakar bakwai ko ta arba'in, manyan gida kan taru, a lissafa magada, a fid da wanda zai tsaya wa dukiya da marayu, a rubuta takarda a kai wa alƙali ya tabbatar. Duk wanda ya taɓa bin haƙƙin mamaci a banki ko a asusun fansho ya san wannan hanya. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne zaman da ya kamata a yi shekaru kafin nan, lokacin da tsoho yana raye, yana tafiya masallaci da ƙafarsa, yana iya cewa ga abin da nake so, ga wanda na yarda da shi. Ni a ganina wannan zaman ya fi wancan muhimmanci, domin rabon gado yana da ƙa'idar da kowa ya sani, amma shekarun da uba ko uwa ke kwance, ba su rasu ba kuma ba sa iya yanke shawara, ba su da wata ƙa'ida a yawancin gidajenmu sai ƙarfin murya da kusanci da ɗakin mara lafiya.

Dalilin da ya sa matsalar ta fi ciwo a yau a fili yake. Daga Matankari zuwa Dankasari, daga Kore Mairuwa zuwa Gesheme da Dumega, da wuya ka shiga gida ba ka tarar ƴaƴa maza sun watsu ba: wani yana Yamai, wani Kwatano ko Ikko, wani ya haura arewa wajen haƙar zinariya. Dukiyar tsofaffi kuma ta sake kama. A da gona ce da rumbu da dabbobi, abin da ido ke gani, maƙwabta su shaida. Yanzu akwai fansho da ke shiga asusu, akwai kuɗin da ƴaƴa ke aikowa ta Nita ko Al Izza da sunan tsoho, wanda ba a ba da shi sai da katin shaidar mai sunan, akwai kuɗi a cikin waya da lambar sirri. Duk waɗannan suna son mai su ya zo da kansa, ko ya sa hannu, ko ya tuna lamba. Ranar da hawan jini ya kayar da shi ɓarin jiki ya shanye, ƙofofin nan duka sai su rufe a lokaci guda, daidai ranar da ake neman kuɗin mota zuwa Doso.

Kuskure na farko da ake yi shi ne ɗaukar cewa babban ɗa, don shi ne babba, yana da iko kan dukiyar mahaifinsa da zarar mahaifin ya kasa. Ba haka ba ne a doka, ba haka ba ne a fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure. A mazhabar, waliccin dukiya na uba ne a kan ɗansa ƙarami, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali. Ba ya juyawa daga ɗa zuwa uba saboda jini kawai. Mutumin da ya girma da hankalinsa sannan hankalin ya gushe, alƙali ne ke hana shi tasarrufi, shi ne kuma ke naɗa wanda zai kula da dukiyarsa. Babban ɗa yana iya zama wanda aka naɗa, sau da yawa ma shi ya fi cancanta, amma sai an naɗa shi. Kafin nan, duk gonar da ya sayar ko saniyar da ya kai kasuwa da sunan jinyar Baba, ƴan'uwansa suna da damar tambayarsa da izinin wa, kuma za su tambaya, ko da bayan shekara goma ne.

Maganin farko shi ne wakilci, abin da ake kira furokirasiyon a ofisoshi. Kundin dokar mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa ya yi bayaninsa tun daga aya ta 1984: mutum ya ba wani ikon yin wani abu a madadinsa kuma da sunansa. Akwai ayoyi uku a wannan babi da nake so kowane gida ya sani. Aya ta 1988 ta ce wakilcin da aka rubuta a dunƙule, irin na “ya kula da dukan harkokina”, bai wuce tafiyar da dukiya ba, wato karɓa da biya da adanawa. Sayarwa ko ba da jingina sai an ambace su ƙarara. Aya ta 1993 ta wajabta wa wakili ya ba da lissafin abin da ya yi da duk abin da ya karɓa. Aya ta 2003 kuma ta faɗi yadda wakilci ke ƙarewa: idan mai wakiltawa ya janye, ko wakili ya ajiye, ko ɗayansu ya rasu, ko kotu ta hana ɗayansu tasarrufi. Wanda ya karanta babin wakala a Muhtasar na Halilu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wakili amintacce ne, ba mai dukiya ba, kuma ba ya ƙetare iyakar da aka shata masa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ɗan shekara 76, yana zaune a Matankari da matansa biyu. Fanshonsa daga CARENI, idan aka raba bisa wata, yana kamawa jika 85. Yana da gonar gero da ya saya da kuɗinsa, da kaso a gonar gado da ba a raba ba tsakaninsa da ƙannensa, da ƙaramar garka a fadama inda ake noman dankalin turawa da rani, da shanu huɗu a hannun makiyayi. Yana shan maganin hawan jini da na ciwon suga. Babban ɗansa yana Kwatano, na biyu ma'aikaci ne a Yamai, ƴarsa tana aure a Kore Mairuwa kuma ita ce ke zuwa duk mako, autan maza yana gida, shi ke riƙe da wayar Baba.

Abu na farko da wannan gida zai yi ba rubutun wakilci ba ne, ƙidaya ce. A zauna da tsohon, a rubuta abin da ya mallaka shi kaɗai, da abin da yake riƙe wa dangi amana, da bashin da ake binsa da wanda yake bi, da sunan makiyayin da kamannin kowace saniya. Wannan rarrabewa tana da nauyi ƙwarai a Arewa, inda babban gida kan riƙe gonar kakanni a madadin zuri'a. Mutum ba ya wakilta wani a kan abin da ba nasa ba. Gonar gadon da ba a raba ba ba ta shiga takardar, sai dai a rubuta wa zai noma kason tsohon. Haka nan awakin matansa da kayan ɗakinsu nasu ne, ba sa shiga lissafin miji, kuma ranar da Inna ce ta tsufa, takardarta daban za a rubuta da bakinta, a gaban shaidun da ta yarda da su.

Sai zaɓen wakili. A nan nake saɓa wa al'adar da ta ce dole babba. Wakilin kuɗi ya zama wanda yake kusa da asusun, ya iya rubutu da lissafi, kuma ba ya cikin matsin bashi. A misalinmu, na Kwatano ba zai iya zuwa banki duk wata ba, don haka ko na Yamai ko ƴar da ke Kore Mairuwa. Babu abin da ya hana mace zama wakiliya, a shari'a ko a doka, kuma a gidaje da yawa ita ce ta san sunan maganin da ranar komawa asibiti. Babban ɗa kuwa ba a ture shi gefe ba: a ba shi matsayin mai duba lissafi, wanda sai da yardarsa za a taɓa babban kuɗi. A gidan da ke da ɗaki biyu, ya fi kyau wakili ya fito daga ɗaki ɗaya, mai dubawa daga ɗayan. Wanda ya taɓa ganin rikicin ƴan uba a kan jinya ya san dalili.

Abin da za a rubuta ya zama a fayyace, gajere, babu kalmar “da sauransu”. Sunan tsohon da lambar katinsa, sunan wakili da lambar nasa. Sannan ayyukan ɗaya bayan ɗaya: ya karɓi fansho, ya karɓi kuɗin da aka aiko, ya sayi magani, ya ba kowane ɗaki kuɗin cefane, ya biya ƴan ƙwadago da damina. A misalinmu ana iya tsara jika 85 ɗin haka: jika 15 magani da awon suga, jika 40 cefanen ɗakuna biyu, jika 10 a hannun tsohon don goro da sadaka da biki, jika 20 a ajiye. A shekara ajiyar ta kai jika 240, kuma ita ce za ta ɗauki mota da kwanakin farko na asibiti ba tare da an kori saniya kasuwa a farashin gaggawa ba. A rubuta cewa duk kashewar da ta haura jika 50 sai mai dubawa ya amince, ko da ta saƙon murya ne da za a adana. A rubuta jerin abin da za a taɓa idan ciwo ya yi tsanani: ajiya tukuna, sai ƙananan dabbobi, sai sa guda, sai jinginar garka. A rufe da jimla ɗaya da ba ta da harshe biyu, cewa wannan takarda ba ta ba wakili ikon sayar da gona ko gida ko yin kyauta da komai ba, kuma ba zai sayi kayan tsohon da kansa ba. Jikar goman nan ta hannun tsoho kada a raina ta. Mutumin da ya shekara arba'in yana ba wasu, idan ya koma roƙon ɗansa kuɗin goro, ciwon da ke ransa ya fi na jikinsa.

Kan gona ina da tsauri, kuma ina da hujja. Geron da aka sayar ana noma wani, saniya tana haihuwa, amma gonar da ta fita hannu a Dallol Mawri ba ta dawowa. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin filaye, waɗanda muke kira kofo, da a yau suke a matakin gari da komin da gunduma, kuma ta hannunsu ake samun takardun shaidar saye da kyauta da aro da haya da jingina. Tun tsoho yana da lafiya ya kamata ya je da kansa a rubuta gonakin da ya ba da aro da waɗanda ya karɓa jingina, domin shi kaɗai ya san iyakokin da sharuɗɗan, kuma ranar da ƙwaƙwalwarsa ta tafi, mai aro yana iya wayar gari ya ce kyauta ce. Idan kuma yana nufin ya ba wani ɗa ko jika kyautar fili, to ya ba shi yanzu, wanda aka ba ya karɓa ya shiga ya noma. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu. Idan mai kyautar ya rasu kafin a karɓa, ko ya faɗa ciwon da ya zarce da shi har ajali, kyautar ta ɓaci. Abin da mutum ya bayar yana cikin ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya yake ɗauka, ba ya wuce sulusi, kuma magaji ba ya cin wasiyya sai sauran magada sun yarda. Yawancin takardun da ake dangwala wa tsoho yatsa a kan gadon jinya a nan suke faɗuwa, bayan sun riga sun raba zumunci.

Ranar sa hannu ma tana da tsari. A yi da safe, lokacin da tsofaffi suka fi natsuwa, domin mai gigin tsufa ya fi rikicewa da yamma. A karanta masa takardar da Hausa, a bar shi ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. A samu shaidu biyu adilai waɗanda ba magada ba, kamar limami da wani dattijon unguwa, kuma mai gari ya sani. Daga nan a tafi ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sa hannun. Sai dai a gane iyakar wannan hatimi: yana shaida cewa wane ne ya sa hannu, ba ya shaida cewa hankalinsa cikakke ne ko abin da ke ciki daidai ne. Saboda haka idan tsohon ya fara mantuwa, ko akwai ɗan'uwan da ake jin zai yi musu, a nemi likita ya duba shi a wannan mako ya ba da takardar cewa yana cikin hayyacinsa, a haɗa su wuri guda. Banki da asusun fansho, ko CARENI ne ko CNSS, kowanne yana da nasa sharuɗɗa da takardun cikewa, don haka a je da tsohon da ƙafarsa a tambaya, a ajiye sa hannun wakili a wurinsu tun yanzu, a kuma ji yadda suke karɓar takardar shaidar rayuwa idan mai fansho ba ya iya tashi. Gida mai takardar mallaka ta gwamnati, ko dukiya mai yawa, hanyar notar ta fi tsaro, ko da za a tafi Yamai, tafiyar kimanin kilomita 270 daga Dogon Dutsi.

Na san abin da wasu za su ce: ai auta yana da lambar sirrin waya da katin banki, me ya kawo wahalar takarda? Amsata ita ce riƙe lamba ba izini ba ne. Yau yana cire kuɗi da kyakkyawar niyya, ba ya rubutawa, gobe ƴar'uwarsa ta tambayi inda jika 300 suka shiga, ba shi da abin nunawa ko da ya kashe su kaf a kan magani. Takarda da littafin lissafi mai dala arba'in suna kare wakili mai gaskiya fiye da yadda suke kare kowa. A rubuta kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, a manna takardun kantin magani, a ɗauki hoton shafin duk ƙarshen wata a aika wa ƴan'uwa. Alamun cewa wakilci ya fara lalacewa ba su da wuyar ganewa: lissafi ya daina zuwa, magani yana yankewa alhali fansho yana shiga, ana hana wasu ƴaƴan ganin tsoho su kaɗai, wakili ya fara cewa ai wahalar da nake sha ta isa lada. Idan ana son a biya shi ladan wahala, halal ne, amma a rubuta adadin tun farko.

Sai maganar lafiya, wadda ta fi ta kuɗi nauyi a zuciya. Matuƙar tsoho yana fahimta, shi ke da jikinsa, shi ke cewa a yi ko a bari. Muna yawan ƙetare wannan, likita yana magana da ƴaƴa a bakin ƙofa, mai ciwon yana ciki yana jin ana ƙus-ƙus. Yadda ake gane ko mutum yana iya yanke shawara ba ya buƙatar na'ura. A duba ko ya fahimci bayanin da aka yi masa, ko ya riƙe shi na ɗan lokaci, ko ya iya auna amfani da illa, ko kuma ya iya nuna zaɓinsa ta kowace hanya. Wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye sau da yawa magana ce ke ƙwace masa, alhali wani lokaci yana gane abin da ake faɗa, yana iya amsawa da kai ko da matsa hannu. Wanda ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, yana sambatu, yana ganin abin da babu, ba lalle gigin tsufa ba ne: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko faɗuwar suga ga mai shan magani duk suna kawo haka, kuma idan an yi magani hankali yana dawowa. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Don haka kada a yanke wa tsoho hukuncin rasa hankali a makon da yake zazzaɓi, kada kuma a tsaya neman wanda ya yi masa sammu ko a jingina wa tsohuwa maita don ta fara yawo da dare tana kiran matattu. A kai su gidan likita tukuna.

Takardar lafiya ba ta buƙatar yaren kotu. Amfaninta shi ne likita ya san da wa zai yi magana, ƴaƴa kuma su daina jayayya a kan abin da Baba zai so, domin ya riga ya faɗa. A misalinmu, mai ciwon suga ne, kuma abin da ke iya zuwa sananne ne: gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, har likita ya ce sai an yanke. Idan ba a taɓa tambayarsa ba, na Kwatano zai ce ta waya kada a taɓa ƙafar mahaifinsa, ƴar da ke wanke gyambon kullum za ta ce a yi, kwanaki su wuce ruɓa tana hawa. Da an tambaye shi tun yana lafiya, “Baba, in likita ya ce sai an yi aiki kuma ba ku iya magana, wa zai sa hannu a madadinku?”, da an huta. A tambaye shi har ina yake so a kai shi: asibitin gunduma na Dogon Dutsi, babban asibitin Doso, ko Yamai. A tambaye shi idan likitoci suka ce babu sauran abin yi, ko ya fi son a maido shi ɗakinsa. Gaggauta ajali haramun ne, ba a maganarsa, amma zaɓar komawa gida bayan magani ya ƙare ba shi ba ne, kuma malamin gida zai iya warware wa iyali wannan tun kafin ranar. A haɗa da ƙaramin littafi mai sunayen magunguna da adadinsu da sakamakon awo, ya zauna inda kowa ya sani.

Yanzu ga iyakar duk abin da na faɗa, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wakilci na mai hankali ne. Ƙarfinsa yana fitowa daga cewa mai shi yana gani, yana iya tsawatawa, yana iya janyewa. Idan hankalin ya gushe gaba ɗaya, takardar tana nan a aljihu amma ƙafarta ta yi rauni: ba mai sabunta ta idan banki ya nema, ba mai janye ta idan wakili ya karkace, kuma duk babban abin da aka yi da ita ana iya ƙalubalantarsa daga baya. Malaman Malikiyya sun ce gushewar hankali ta ɗan lokaci ba ta tuɓe wakili, amma idan ta yi tsawo al'amarin ya koma hannun alƙali. Doka ma can ta nufa. Dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018, kamar wadda ta gabace ta a 2004, ta ce a kan cancantar mutum ta ƙulla ciniki da sha'anin iyali da gado, kotu tana aiki da al'adar masu shari'a, tare da masu taimaka wa alƙali da suka san al'adar. Ma'ana, ko gidan malamai ne, ko gidan da ke riƙe da gargajiya irin na Lugu da Bagaji, ko na Kirista, ƙofar ɗaya ce. Idan likita ya tabbatar ciwon ba mai wucewa ba ne, iyali su yi zaman dangi, su rubuta wanda suka amince da shi, su ɗauki takardar likita da tsohuwar takardar wakilci su tafi kotu a naɗa mai kula a hukumance. A nan tsohuwar takardar ke yin aikinta na biyu, domin ita ce muryar tsohon a gaban alƙali, tana nuna wanda ya zaɓa lokacin da yake gane kowa. Idan saɓani ya taso kafin nan, mai gari da sarki suna da hurumin sulhu, kuma gara a fara da su. Ranar da rai ya yi halinsa kuwa, wakilci ya mutu tare da mai shi. Ko dala aka cire bayan nan, daga haƙƙin magada aka cire.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan giɓi. Faransa, wadda muka gaji kundin daga gare ta, ta yi doka ranar 5 ga Maris 2007, ta fara aiki a farkon 2009, wadda ta ba mutum damar naɗa tun yana lafiya wanda zai kula da shi da dukiyarsa, naɗin kuma ba ya fara aiki sai likita ya tabbatar ya kasa. Tun 2002 ma dokarsu ta ba mara lafiya damar rubuta sunan amintaccen da likita zai tuntuɓa. Ingila ta yi makamancin haka da dokarta ta 2005. Gyaran da Faransa ta yi bayan 1960 ba ya hawa kanmu, kuma ba na cewa a kwafo nasu. Muna da kayan aikin a gida: wakala da wasicci a fiƙihu, zaman dangi a al'ada, kofo da sarakuna da kotuna a ƙasa. Abin da ya rage shi ne doka ta ɗinke su, ta samar da takarda guda mai sauƙi, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, da za a rubuta a komin a ajiye kwafi a kotu, ta fara aiki da shaidar likita, ta tilasta lissafi duk shekara, ta kuma hana sayar da gona sai da izinin alƙali. Manomin Sukukutan ko Dogon Kiriya ba zai je wurin notar a Yamai ba, kuma bai kamata kariyar ta tsaya ga masu albashi ba.

Saura abu mafi wuya, wato buɗe baki. Ɗa mai kunya ba ya iya duban mahaifinsa ya ce a rubuta dukiya, don kada a ce yana ƙirga kwanakinsa ko yana son cin gado da rai. Wannan kunyar gaskiya ce kuma ina girmama ta, shi ya sa nake ganin ba daga ƴaƴa ya kamata maganar ta fito ba. A bi ta hannun aminin tsohon, ko ƙanensa, ko limamin unguwa, wanda zai iya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a cikinta an yi tanadin wanda ya yi rauni har ba ya iya shibta da kansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi ko hutun Babbar Salla, sa'ad da ƴan ci-rani suke gida.

Kirana na ƙarshe ga iyayenmu ne da kansu, maza da mata, musamman waɗanda suka haura shekara 65 ko suke shan maganin hawan jini da suga. Ku ne kuke da ikon kiran wannan zama ba tare da kowa ya zarge ku ba. Ku tara ƴaƴanku a bana, ku faɗi abin da kuka mallaka da wanda kuke riƙe amana, ku naɗa wakili da mai duba shi, ku faɗi wanda zai yi magana da likita, a rubuta, ku sa hannu a gaban shaidu biyu, a kai ma'aikatar magajin gari kafin ƴan ci-rani su koma.